Zawarci da 'ya'ya a hannu: yaushe ake faɗa wa mai nema, me kuma ake faɗa masa?

A Tafoki, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Faskari, a da bazawara ba ta cika buƙatar buɗe baki ta ce tana da 'ya'ya ba. Wanda zai zo zance ya san ranar da aka ɗaura mata auren fari, wataƙila ma ya ci tuwon sunan ɗanta. In kuma baƙo ne daga Daudawa ko Sheme, gwaggonsa za ta shirya ta yini a unguwar, ta koma gida da labarin yarinya har da na kakanninta. Binciken dangi shi ke ɗauke wa mace nauyin magana, haka shi ma namijin da matarsa ta rasu ko ta fita.

Wannan tsari ya yi rauni a yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Kadisau a watan Yunin 2020 aka kashe mutane masu yawa, sun bar mata cikin takaba da goyo a baya, sun bar magidanta da yara ba uwa. Sun kuma tarwatsa jama'a. Matar da duk ƙauyensu ya san ta, yau tana zaune a ɗakin haya a Funtuwa ko gidan ɗan'uwa a Zariya, inda maƙwabta sunanta kawai suka sani. Mai nemanta ya gan ta a gidan biki ne, ko wata ƙawa ta ba shi lambarta, aka yi mako uku ana hira ta waya ba wanda ya taka ƙofar gidan wani. A irin wannan nema, abin da ba ta faɗa ba bai sani ba. Ita ma abin da bai faɗa ba, sai ranar da ta tare.

Tsoron da ke sa a yi shiru ba na wasa ba ne. Mace ta ga masu nema biyu sun janye da jin “yara uku”, iyayenta sun gaji da ciyarwa, ƙannenta sun fara yi mata kallon nauyi. Sai wata ta ba ta shawara: ki bari ya kamu tukuna, in ya riga ya so ki ba zai iya fasawa ba. Wannan shawara ce nake ganin ta fi kowace cutar da yaran, kuma dalilina ba na ɗa'a kaɗai ba ne. A fiƙihun Malikiyya, wanda da shi alƙalan kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Katsina ke hukunci, lokacin da mutum ya san da yaran abokin aurensa yana da hukunci na kansa.

Hukuncin da mutane da yawa ba su sani ba

A babin ciyarwa na Mukhtasar ɗin Shaihu Khalil, littafin da malaman zaure ke karantarwa tun kaka da kakanni, akwai mas'alar ƙaramin yaron da ɗaya daga cikin ma'aurata ya haifa da wani. Ma'anarta a taƙaice: miji yana da damar ƙin zama gida ɗaya da yaron matarsa, matar ma tana da damar ƙin zama da yaron mijinta, idan yaron yana da wani mai renonsa. Amma wannan dama tana faɗuwa idan aka tare alhali yaron yana tare da mahaifin nasa ko mahaifiyar tasa, abokin zaman kuma ya sani. Wanda ya ga yaro ranar tarewa ya yi shiru, ba shi da ikon cewa a fitar da shi bayan wata shida don an yi saɓani a kan cefane.

A duba abin da wannan ke nufi ga matar da ta bi shawarar ɓoyewa. Ta bar yaran wajen mahaifiyarta, ta tare ita kaɗai, da niyyar in zama ya yi daɗi ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Da hannunta ta ba mijin hujja biyu: ga shi an tare ba tare da su ba, ga shi kuma ta nuna suna da mai reno. Ranar da ta ce za ta kawo su ya ce a'a, ba ta da abin riƙewa gaban alƙali. Wadda kuwa ta faɗa tun farko, aka amince, ta shiga gidan da yaronta a hannu, ta sama masa wurin zama da shari'a ke karewa.

Akwai hukunci na biyu da ke tafiya da wannan. Haƙƙin reno na uwa ne, ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo. Sai dai idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma aka tare, haƙƙin yana komawa ga uwarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a waiwayi ɓangaren uba. Malamai sun yi togaciya: in mijin baffan yaron ne, kamar yadda ake yawan yi idan ƙanin mamaci ya auri matar wansa, ko jariri ya ƙi karɓar nonon kowa sai nata, ko babu wani mai reno, haƙƙinta yana nan. Haka in wanda reno zai koma gare shi ya san da auren ya yi shiru har shekara guda. A al'adance kuma mun san yadda ake yi: da zarar an ji bazawara za ta yi aure, dangin uban yara kan aiko a ba su 'ya'yansu, wani lokaci tun kafin a sa rana. Ke nan maganar yara ba tsakanin mutum biyu take ba. Akwai kaka, akwai baffa, akwai tsohon miji in yana raye, kuma duk wanda aka bari ya ji labari a bakin duniya, da fushi zai zo.

Misalin da ya fi dacewa a nan na Ummu Salama ne, Allah Ya ƙara mata yarda. Mijinta Abu Salama ya rasu a shekara ta 4 bayan Hijira sakamakon raunin da ya samu a Uhudu, ya bar ta da yara, ƙaramarsu Zainab tana jaririya. Da ta gama idda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika neman aurenta, amsar farko da ta ba ɗan aike ta ƙunshi cewa tana da kishi kuma tana da yara. Ba ta jira sai an saba ba, ba ta kuma ɗauki yaran abin kunya ba. An ba ta amsar da ta kwantar mata da hankali, aka yi aure, ɗanta Umar ya tashi a gidan Annabi, shi ne ma yaron da aka koya wa ladabin cin abinci a hadisin da ɗalibai ke haddacewa. Ummu Hani kuwa, da aka neme ta, uzurin yaranta ta kawo, aka karɓa, aka yabi tausayin matan Ƙuraishawa ga 'ya'yansu. Duka biyun a farkon magana suka faɗa.

Mu bi mas'ala ɗaya daki-daki

A ƙaddara wata mata 'yar shekara 29, 'yar yankin Tafoki, mijinta ya rasu shekara guda da ta wuce. Ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma ta fita, tana zaune gidan wanta a Funtuwa. 'Ya'yanta uku: 'yar fari mai shekara 11 tana hannun kakarta ta wajen uba tun bayan yaye, sai namiji mai shekara 7, sai ƙaramar da ke da wata 20 ba a yaye ta ba. Wani mai sayar da hatsi da ke cin kasuwar Sheme, mai mata ɗaya da yara biyar, ya gan ta ya aiko yana son zuwa zance.

Zuwan farko, ko kiran waya na farko da ya nuna aure yake nufi, nan ne wurin faɗin adadi. Ba sai an zauna an yi dogon bayani ba. Bayan gaisuwa, in ya tambayi labarinta, ya isa ta ce: “Malam, mijina ya rasu bara, Allah Ya ba mu 'ya'ya uku, biyu suna hannuna, babbar tana wajen kakarta.” Shi ke nan. Kada ta haɗa da ban-haƙuri, kada kuma ta yi saurin cewa ai ba za su dame shi ba, don wannan alkawari ne da ba ta da ikon cikawa, kuma shi zai riƙe shi.

A nan akwai wani tarko da al'adarmu ta haƙa, wanda ba mugun nufi ke jefa mata ciki ba. Mace Bahaushiya tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, wata ko gaban mutane ba ta nuna nata ne, sau da yawa ma tun yana ƙarami aka ba wani riƙonsa. Don haka in aka tambayi wannan mata yara nawa gare ta, bakinta zai fi saurin cewa biyu, tana nufin na hannunta. Shi kuma zai tafi da biyu a ransa. Bayan shekara biyu kakar ta rasu ko ƙauyen ya tashi, sai ga budurwa 'yar shekara 13 da ƙullin kayanta a ƙofar gida, mijin ya ce an yaudare shi, alhali ita a ganinta kunya ta yi. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau a wurinsa, amma zancen aure ba wurinsa ba ne. In ba za ta iya faɗa da bakinta ba, yayarta ko matar wanta ta faɗa a madadinta, a ranar, ba wata rana ba. Shi ma mai nema ya iya tambaya: ban da na hannunki, akwai wanda ke wajen wani?

Abin da ba a bayarwa a wannan mataki shi ne bayanin da zai kai baƙo ga yaran. A yankin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, inda kuma kowa ya san ɓarnar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ba hikima ba ce a tura hotunan yara, ko sunan makarantarsu, ko labarin gonar da ubansu ya bari, ga mutumin da muryarsa kawai aka sani. Ya san suna nan, ya san su nawa ne. Sauran sai ya zo gida, wanta ya gan shi, an san unguwarsu da sana'arsa.

Mataki na biyu yana zuwa da wuri, domin auren bazawara ba ya jan lokaci kamar na budurwa. Tsakanin zuwan farko da ɗaurin aure wani lokaci bai fi 'yan makonni ba. Kafin ya turo magabatansa, dole a zauna a yi maganar da ta fi wuya, wadda ba ta adadi ba ce, ta wurin kwana ce da ta abinci. Wa zai biyo ta, wa zai zauna? A misalinmu, ƙaramar ba ta da zaɓi, tana shan nono, saura wata huɗu ta cika shekara biyu. Namijin mai shekara 7 shi ne abin tattaunawa: baffansa na iya cewa a ba shi, kakarsa ta wajen uwa tana da haƙƙi, uwar kuma tana son shi kusa. Wannan sai ta fara warware shi da danginta da dangin mamacin kafin ta yi wa mai nema alkawari, don kada ta ce masa yaron zai zauna can, dangin su ce ba su da hali.

Sai ciyarwa. A shari'a agola ba ya cikin waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan mijin uwa. Nauyin na ubansu ne in yana raye, in kuma ya rasu ya bar dukiya, daga rabonsu na gado ake ciyar da su. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, in da kishiya su raba shi. Mafi yawan abin da ya rage na marayun ne, bayan an fitar da rabon iyayen mamacin in suna raye. To in akwai gona, wa ke noma ta, buhu nawa ake ba yaran a kaka, a hannun wa yake? In kuwa gonar tana inda ba a iya zuwa saboda tsoro, gara ta faɗa masa gaskiya cewa babu abin da ke shigowa. Mai sayar da hatsi ya fi kowa sanin lissafin: gidan mutum bakwai zai koma na mutum goma, in tiya biyu ake aunawa a rana, yanzu sai an doshi uku, ban da sabulu da maganin zazzaɓi da kuɗin Islamiyya. Mutumin da ya yi wannan lissafi ya ce ya ɗauka, ya ɗauka da saninsa, kuma ladan riƙon maraya yana jiransa. Wanda kuwa abin ya auka masa bayan biki, ko mai kirki ne, zai riƙa jin an ɗora masa, kuma a kan yaron abin zai sauka.

Uwargida ma tana cikin lissafin. Ita za ta raba tuwo ranar girkinta, 'ya'yanta za su raba tabarma da baƙon yaro. Mijin ne ya kamata ya gaya mata, kafin ɗaurin aure, cewa amarya da yara biyu za ta zo. Akwai kuma maganar ɗaki da ake yawan mantawa. Mijin uwa yana zama muharramin 'yar matarsa da zarar ya tare da uwar, kamar yadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta nuna, amma 'ya'yansa maza ba muharramanta ba ne, har aure ya halatta tsakaninsu. In akwai yiwuwar babbar yarinyar ta dawo wata rana, gidan da ke da samari yana buƙatar a san inda za ta kwana tun yanzu.

Mataki na uku shi ne a fitar da maganar daga tsakanin mutum biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: lokacin da magabata suka zauna maganar sadaki da sa rana, waliyyinta ya faɗa a fili, gaban wakilan ango, cewa za ta tare da yara biyu, akwai ta uku a wajen kakarta, kuma ango ya sani ya yarda. Abin da aka faɗa a ƙofar gida da dare ana iya musunsa, wanda dattawa huɗu suka ji da wuya. Sai dai a kula da yadda za a tsara alkawarin ciyar da yaran. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sanya shi sharaɗi a cikin ƙullin aure ba tare da iyaka ba, wanda yake iya ɓata ƙullin, da kuma miji ya ɗauke shi don ganin damarsa bayan an ɗaura, wanda yake lizimtarsa. Don haka a sa limamin da zai ɗaura auren cikin maganar tun kafin ranar.

Yaran su ma a gaya musu, amma ba da wuri irin na mai nema ba. Yaron da ya rasa uba yana saurin liƙe wa duk namijin da ya miƙo masa alewa, in mutumin ya daina zuwa kuma sai ya zama rashi na biyu. Gaisuwa a tsakar gida ta wadatar har sai magana ta kai ga manya. Bayan an sa rana, uwar ta zaunar da mai shekara 7 ta gaya masa inda za a koma da wanda zai tarar a can. In kuma shawara ta tsaya a kan zai zauna wajen kaka, kada a ce masa an je unguwa za a dawo. A gaya masa inda uwarsa take da ranar da za a kai shi ya gan ta, a kuma cika.

Namiji ma ba a ɗauke masa ba

An fi tsananta wa mata a wannan magana, alhali ɓoyewar maza ba ta fi sauƙi ba. Magidanci ya rasa matarsa ta bar masa yara huɗu, ya je neman budurwa 'yar shekara 18, aka tambaye shi ya ce yara suna wajen kakarsu. Gaskiya ya faɗa a ranar. Amma kwana bakwai na amarci na cika, sai a fara kawo su da sunan sun zo gaishe da amarya, ba za su koma ba. Yarinyar da ba ta taɓa reno ba ta wayi gari da wankin mutum shida da yaro mai fitsarin kwance, in ta gaza a ce muguwar matar uba ce. Hukuncin nan na Khalil ya ba ta damar ƙin zama da su tunda suna da mai reno kuma ba a tare da su ba, sai dai wace amarya ce za ta iya furta haka a gidan surukai?

Wanda yake neman wadda za ta riƙe masa yara ya faɗa da sunansa. Ba abin kunya ba ne. Jabir ɗan Abdullahi, da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa ƙanne mata, bazawara ya aura da gangan don ta kula da su, kuma ya bayyana dalilinsa aka yi masa addu'a. Mutumin da ya ce wa mace, “Ina da yara huɗu, ƙaraminsu shekara uku, tare za ku zauna, mahaifiyata za ta taimaka da rana,” ya ba ta abin da za ta yi shawara a kai da iyayenta. Ya kuma faɗi 'ya'yan da ke hannun matar da ya saki, domin ciyar da su yana kansa, daga aljihun da amarya za ta ci ake fitarwa, kuma wata rana gidan za su dawo.

Mas'ala mafi nauyi ita ce ta yaron da aka haifa ba ta hanyar aure ba, wanda iyaye kan rene shi a matsayin ƙanin uwarsa. Addini ya yi umarni da rufin asiri, kuma ba a neman wanda ya tuba ya zauna yana ba da labarin abin da ya wuce. Amma yaro rayayye yana da haƙƙi a kan uwarsa, yana gadonta, ɗan'uwa ne ga 'ya'yan da za ta haifa nan gaba, aure ya haramta tsakaninsu. Hanyar da ta fi aminci ita ce wani babba mai riƙon amana, kawu ko malami, ya sanar da mai neman shi kaɗai bayan an tabbatar da gaske yake, kafin a karɓi sadakinsa.

Idan an riga an ɓoye fa? Samun 'ya'ya ba ya cikin aibobin da fiƙihu ya lissafa waɗanda ake raba aure saboda su, don haka auren yana nan daram. Abin da ya karye yarda ce, kuma ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne: namijin da ya ji an rufe shi saki yana hannunsa, macen da aka rufe sai ta haƙura, ko ta nemi khul'i ta mayar da sadaki, ko ta kai ƙara ta tabbatar da cutarwa. Matar da ke cikin wannan hali kada ta jira ya ji a bakin kishiya. Ta kira waliyyin da ya ba da aurenta, shi ya nemi mijin su zauna, a faɗi adadin yaran da shekarunsu da wanda ke riƙe da su, sannan a nemi abin da zai iya ɗauka: in ba zama ba, to izinin su riƙa zuwa wajenta. Wannan na ƙarshe ba alfarma ba ce, domin a babin nan na ciyarwa Khalil ya kawo cewa alƙali yana hukunta wa ƙananan 'ya'yan mace shiga wajenta kowace rana, manya kuma kowane mako, ko da mijin bai so ba.